Juya Filin Kiwo da Damina Don Rage Tsutsar Cikin Tumaki da Awaki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kiwon tumaki da awaki a Gombe da kewayenta ke yawan yi, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ciyawa ta cika ko'ina amma dabbobi sai ramewa suke. Amsoshin sun fi karkata ga damina, domin a nan matsalar take.

Ciyawa ta wadata, dabbobi na ci har su ƙoshi, amma ba sa ƙiba, wasu ma sai a wayi gari sun mutu. Me ke kawo haka?

Galibi tsutsar ciki ce, kuma wadda ta fi yi mana ɓarna ita ce mai shan jini da likitocin dabbobi ke kira Hemonkus. Tana zama a ciki na huɗu, wato wanda ke haɗe da ƙananan hanji. In an yanka dabbar da ake zargi, a tsaga wannan cikin a duba bangonsa da kyau. Za a ga tsutsotsi sirara, tsawonsu santimita 2 zuwa 3, matan cikinsu da zanen ja da fari a murɗe. Mahauta da yawa ba sa lura da su, don tumbi suka fi dubawa.

Kowace ɗaya tana shan jini kaɗan ne, kusan mililita 0.05 a rana. Amma in dubu biyu suka taru a cikin ɗan rago, ya zama yana asarar mililita 100 kullum, kuma jikinsa ba zai iya mayar da wannan ba ko da me yake ci. Alamar da aka fi dogara da ita ita ce cikin fatar ido ta ƙasa. A dabba mai lafiya ja ce, a wadda tsutsa ta sha kuwa sai ta koma fari fat. Daga baya ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, dabbar ta riƙa zama a bayan garke, in an kora ta kaɗan ta tsaya tana haki. Abin da ke rikita mutane shi ne wannan tsutsa ba ta cika sa zawo ba. Mai dabba na jiran ya ga zawo kafin ya ce tsutsa ce, alhali kashin na fita ƙwaya-ƙwaya lafiya lau har ranar da dabbar za ta faɗi.

To mene ne haɗin wannan da juya wurin kiwo?

Haɗin shi ne tsutsar ba ta hayayyafa ta cika a cikin dabba. Dole sai ƙwanta ya fita waje ya ƙyanƙyashe, sannan wata dabbar, ko ita mai shi, ta sake haɗiye shi da ciyawa. Macen tsutsa ɗaya na zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, su fito cikin kashi. In akwai ɗumi da laima, kamar yadda muke da su a watan Agusta, ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. 'Ya'yan su yi girma a cikin kashin, su saɓa fata sau biyu, kuma cikin kwana 4 zuwa 7 sun kai matsayin da za su iya kama dabba. Daga nan su bi laimar ruwan sama ko raɓa su hau ganyen ciyawa su jira. In dabba ta ci su, bayan kusan mako uku su ma sun fara zuba nasu ƙwan.

Akwai gurbi biyu a wannan zagaye da mai kiwo zai iya shiga. Na farko, kashin da dabba ta zubar yau ba shi da haɗari yau, ko gobe, ko jibi. Sai ya kwana huɗu zuwa sama. In ka ɗauke dabbobi daga wurin kafin lokacin, sun bar cutar a baya. Na biyu, 'ya'yan tsutsar da suka hau ciyawa ba sa iya cin abinci. Suna rufe cikin wata fata, da guzurin da ke jikinsu kawai suke rayuwa, kuma zafi na sa su yawan motsi, guzurin ya ƙare da wuri. A ƙasa mai zafi irin tamu mafi yawansu na mutuwa cikin mako huɗu zuwa shida in ba su sami mai haɗiye su ba. Dabarar ke nan gaba ɗayanta: a fita kafin su nuna, kada a dawo sai sun mutu.

Kwana nawa dabbobi za su yi a wuri ɗaya, kuma kwana nawa wurin zai huta?

Kwana uku zuwa huɗu a ciki, sannan hutun da bai gaza kwana 30 ba, in an sami hali a kai shi 35 ko 40. Tsarin da aka fi sani an gwada shi ne a tsibiran Fiji da Tonga, inda aka raba fili gida goma, dabbobi su yi kwana uku da rabi a kowane yanki, su dawo na farko bayan mako biyar. An ga ƙwan tsutsa ya ragu sosai a kashinsu, buƙatar magani ma ta ragu. Can ruwa ya fi namu yawa, amma tsakiyar daminarmu ta yi kama da yanayinsu wajen ɗumi da laima.

Ba sai ka riƙa lissafin rabin kwana ba. Zaɓi ranaku biyu a mako, misali Litinin da Alhamis. Daga Litinin zuwa Alhamis kwana uku, daga Alhamis zuwa Litinin kwana huɗu. Ko yaron da ke kiwo ba zai manta ba. Yankuna biyu a mako, goma a mako biyar, kowane yanki ya huta kwana 31 ko 32.

In kana son hutun ya fi haka, lissafin yawan yankuna ba wuya: raba kwanakin hutu da kwanakin ci, ka ƙara ɗaya. Hutun kwana 40 da cin kwana 4 na buƙatar yanki 11.

Ka yi hattara da littattafan da aka rubuta don ƙasashen sanyi. Can 'ya'yan tsutsa na iya yin watanni a ciyawa, shi ya sa suke cewa juya fili ba ya maganin tsutsa sosai. Maganarsu daidai ce a ƙasarsu. Mu zafin da muke kuka da shi ne ke yi mana aiki.

Na raba filina gida uku, ina juyawa duk mako. Ai ya isa ko?

Bai isa ba, Alhaji, kuma ina ganin wannan tsarin zai iya fin rashin juyawar muni. Duba abin da ke faruwa. Dabbobin sun yi kwana bakwai a yanki ɗaya, ka ga a kwanaki biyu ko uku na ƙarshe sun fara cin 'ya'yan tsutsar da suka fito daga kashin ranar farko. Sannan ka cire su, ka dawo da su bayan kwana 14. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da 'ya'yan tsutsa suka fi yawa a kan ciyawa: duk ƙwan da aka zubar ya ƙyanƙyashe, sun fito daga kashi, kuma ba su fara mutuwa sosai ba. Ga shi ka tara dabbobin a kashi ɗaya cikin uku na filin, wato kashinsu ya fi cunkushewa a wuri ɗaya.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin ido na gaya musu wani abu daban. Bayan mako biyu ko uku ciyawar ta yi kore shar, ta yi taushi, duk mai dabba zai so ya saki garkensa a ciki. Hutun da ciyawa ke buƙata ya fi wanda kashe tsutsa ke buƙata gajarta. Ciyawa ta shirya a mako uku ko huɗu, tsutsa kuwa sai mako biyar zuwa sama. In ka jira, ciyawar za ta ɗan yi tauri, ƙarfin abincinta ya ɗan ragu. Wannan asara ce ta gaske, ba na ɓoye ta. Amma a ganina gara dabba ta ci ciyawar da ta ɗan tsufa, ka cika mata da dusa ko harawa, da ta ci mai taushi tana zubar da jini ta ciki.

In gida uku kawai kake da su, kada ka rushe shingen. Raba kowanne gida uku ko huɗu da igiya, ko da shinge mai ɗaukuwa, ka sami tara ko goma sha biyu.

A ba mu misali da fili da dabbobi, mu ga yadda lissafin yake.

Mu ɗauki mai kiwo a wajen Kumo, yana da hekta ɗaya da ya bari ba noma, gamba da kyasuwa da harƙiya sun fito a ciki. Yana da dabbobi 20, tumaki 'yan ƙasa da jajayen awaki, in aka haɗa manya da ƙanana nauyin kowace kusan kilo 25.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In filin mita 100 ne kowane gefe, sai ya bar hanya siririya ta tsakiya, ya yanka yanki biyar a dama, biyar a hagu, kowanne faɗin mita 20, tsawon kusan mita 50. Kowane yanki ya zama kusan murabba'in mita 1,000, kuma kowanne na da ƙofa a kan hanyar tsakiya, ba sai dabbobi sun ratsa yankin da ke hutu ba.

Sai ya auna ko yanki ɗaya zai ciyar da su kwana huɗu. Ya sami sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya, ya ajiye su murabba'i a wurare uku ko huɗu, ba inda ciyawa ta fi kyau kaɗai ba. Ya yanke abin da ke ciki da lauje ya ɗora a sikeli. A ce ya sami giram 700 a kowane murabba'in mita. Yankin na ɗauke da kilo 700 na ɗanyar ciyawa ke nan. Amma ba duka za a ci ba, rabi kawai zai lissafa, kilo 350, domin sauran wasu za a tattake, wasu kuma dole a bar su a tsaye. Dabba mai kilo 25 na cin kusan kilo 4 na ɗanyar ciyawa a rana. Ashirin sau huɗu 80, a kwana huɗu 320. Ka ga ya isa, amma da ƙyar.

Yanzu a ce an yi fashin ruwa na mako biyu a watan Yuli, ya sake aunawa ya sami giram 450. Abin da za a ci ya koma kilo 225, bai kai na kwana uku ba. Jarabawar tana nan. Abin da zuciya za ta ce shi ne a matsa gaba da wuri, a riƙa yin kwana biyu a kowane yanki. In ya yi haka zai gama zagayen cikin kwana 20, ya dawo yankin farko a mafi munin lokaci. Abin da ya kamata shi ne ya bar su su ci kwana biyu, sauran kwana ɗaya ko biyun ya tsare su a garke ya ba su harawa, ƙowa ko ganyen itace, har ranar juyawa ta zo. Ko kuma ya cire ragunan da yake shirin sayarwa ya turke su gida, nauyin filin ya ragu. Ranar dawowa ita ce ba a taɓawa.

Ya rubuta lambar kowane yanki da ranar da aka fita daga cikinsa, ko a littafi ko a bangon garke da gawayi. Bayan zagaye na biyu kai ba ya riƙewa.

Mu ba mu da fili mai shinge. Da damina turke muke yi saboda gonaki. Wannan ya shafe mu?

Ku ya fi shafa, kuma ku ya fi wa sauƙi, don turke shinge ne da ba ya cin kuɗi. Matsalar ita ce yadda aka saba yi: a kafa turke a bayan gida ko gefen hanya, akuya ta yi mako biyu tana zagaye wuri ɗaya, ta cinye ciyawar har ƙasa, tana kashi a nan tana ci a nan. Ko kuma a cire turken a matsar da shi taki biyu, rabin sabon da'irar ya hau kan tsohuwar.

Igiya mai mita 3 na ba dabba da'irar kusan murabba'in mita 28. A ciyawa irin ta misalin da ya gabata, wannan abincin kwana biyu ne ga tunkiya ɗaya. Saboda haka duk kwana biyu a cire turken, a matsar da shi ninkin tsawon igiyar, wato mita 6, kusan taki bakwai ko takwas na babban mutum, don kada da'irorin su haɗu. A bi layi ɗaya, kada a yi ta tsalle-tsalle. A tsohon ramin turken a soka kara a matsayin alama. Dabba ɗaya za ta buƙaci wurare kusan 18 kafin ta koma na farko bayan mako biyar.

Inda abin ke ɓaci shi ne fili na kowa da kowa. Kin ɗauke akuyarki, Hajiya, gobe maƙwabciya ta kafa tata a wurin. In unguwa ba ta yi shawara ta raba filin ba, gara a turke dabba a gida a kan busasshiyar ƙasa, a yanko mata ciyawa daga inda tumaki da awaki ba sa shiga, kamar cikin gona ko kan iyakarta, a zuba a kwando ko a rataye, kada a zube a ƙasa cikin kashi.

Har ina za a bari su ci ciyawar kafin a ɗauke su?

Kada ta gaza tsawon faɗin tafin hannu, kusan santimita 10. Mafi yawan 'ya'yan tsutsa na zama ne a santimita 5 na ƙasa, inda laima take, kaɗan ne ke hawa sama da haka. Dabbar da ke tsinkar saman ciyawa tana tsallake yawancinsu, wadda yunwa ta sa ta gwaguyi gindi kuwa tana kwasarsu. Don haka dokokin fita biyu ne: kwana huɗu ya cika, ko ciyawa ta sauko zuwa tafin hannu, duk wanda ya riga.

Wannan ma shi ne abin da ciyawar ke so. Gamba in an bar mata ganye tana tohowa da sauri. In aka riƙa aske ta har ƙasa sau da yawa, saiwarta na raunana, bayan damina biyu ko uku sai ka ga ta ɓace, tafasa da sauran ciyayin da dabba ba ta so sun gaje wurin.

Gaskiya ne kada a saki dabbobi da sassafe?

Akwai gaskiya a ciki. 'Ya'yan tsutsa da laima suke hawa ganye, in rana ta busar da raɓa da yawansu na komawa ƙasa. Jira zuwa hantsi na taimakawa kaɗan, kuma ba ya cin ko sisi. Amma ba ya maye gurbin juya fili. A ranar da aka wuni ana yayyafi ciyawa ba ta bushewa ko kaɗan.

Tumaki da awaki duk ɗaya ne a wannan?

Tsutsar ɗaya ce, tana bi daga wannan zuwa wancan, don haka sa awaki bayan tumaki ba hutu ba ne. Bambancin yana wajen ɗabi'a. Akuya asalinta mai cin ganyen sama ce, kuma tsutsa ba ta hawa itace. Wataƙila shi ya sa jikinta bai iya yaƙi da tsutsa kamar na tunkiya ba: babbar tunkiya kan sami ɗan kariya da shekaru, babbar akuya kuwa ba sosai ba. In ka tilasta wa akuya kiwon ƙasa kamar tunkiya, ita za ta fara faɗuwa.

Saboda haka kada ka sare sabara, kalgo, geza da ɗunɗu da ke cikin filin da sunan gyara. Ganyensu abinci ne mai tsabta, kuma irin ɗacin da ke cikin wasunsu, kamar bagaruwa, na rage wa tsutsa ƙarfi. In yanki ɗaya ya fi sauran itatuwa, ajiye shi don 'yan awakin da aka yaye.

Ina da shanu kaɗan. Zan iya sa su a yankin da ke hutu?

Za ka iya, kuma dabara ce mai kyau. Yawancin tsutsotsin tumaki ba sa yin ƙarfi a cikin manyan shanu, jakuna ko dawakai. In sa ya ci ciyawar, ya share 'ya'yan tsutsar, kuma ya rage ciyawar da za ta tsufa kafin tumaki su dawo. Sa su a tsakiyar hutun, wajen mako na biyu, ka bar sauran makonnin ciyawa ta toho. Manya nake nufi, ban da maruƙa, domin su Hemonkus na iya kama su. Ka tuna kuma sa ɗaya na cin abin da tumaki da yawa za su ci, sai ka sa shi cikin lissafi.

In na yi wannan tsari, na rabu da maganin tsutsa ke nan?

A'a. Juyawa na rage yawan da dabba ke haɗiya, ba ta kashe waɗanda ke ciki. Abin da za ka samu shi ne ka daina ɗura wa garke duka magani kowane wata, wanda shi ne ke sa tsutsa ta saba da magani har ya daina aiki.

Duk mako biyu da damina, a ranar juyawa, kama kowace dabba a cikin haske, ka danna fatar ido ta sama, ka ja ta ƙasa, ka duba launin cikinta. Akwai katin da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, ana kiransa Famaca, mai launi biyar daga ja zuwa fari. Mai lamba 1 da 2 a bar su, mai 4 da 5 a ba su magani a ranar, mai 3 kuma a ba shi in ƙarami ne, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko akuya. Za ka lura dabbobi kaɗan ne ke ta maimaita farin ido. Su ne ke zuba mafi yawan ƙwai a filin. Tunkiyar da sai an yi ta ba ta magani a damina ɗaya, ni dai ba zan bar ta ta haifa mini garke ba, kasuwa ta dace da ita.

Magungunan da ke hannun mutane su ne albendazol, lebamisol da aibamektin. A auna da nauyin dabba, ba da ido ba. Akuya na buƙatar fiye da awon tunkiya, amma a bar likitan dabbobi ya faɗi adadin, musamman lebamisol da ke saurin yin illa in ya yi yawa. Kada a ba albendazol a farkon ciki. In kana zargin magani ya daina aiki, a kai kashi ɗakin gwaji a ƙirga ƙwai ranar bayarwa, a sake bayan kwana 14. In ragin bai kai kashi 95 cikin 100 ba, tsutsar ta fara jure maganin.

Wani kuskure da ya yi kama da hikima: a ba garke duka magani, nan take a kai su yankin da ya huta tsaf. Tsutsotsin da suka tsira daga maganin, wato masu taurin kai, su kaɗai za su zuba ƙwai a wurin, 'ya'yansu su gaje filin. In an bar wasu dabbobi masu lafiya ba magani, tsutsotsin da magani ke kashewa za su ci gaba da cakuɗuwa da su.

Da rani fa? Sai a ci gaba da ƙirga kwanaki?

A tudu ba lallai ba. Da zarar ruwa ya ɗauke a Oktoba, hunturu ya shigo, ƙwai da 'ya'yan tsutsa na bushewa su mutu. Karan dawa, harawa da ragowar gona abinci ne mai tsabta. Juyawar rani don kare gindin ciyawa ce kawai.

To ina tsutsar ke fitowa in damina ta dawo? Daga cikin dabbobin. Binciken da aka yi a Zariya ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar da aka haɗiya a ƙarshen damina na lafewa a bangon ciki, ba girma ba ƙwai, har rani ya wuce. Dab da saukar ruwa sai su farka su fara zuba ƙwai. Uwayen da suka haihu a wannan lokaci su suka fi zubawa, don haihuwa da shayarwa na rage musu kariya. Shi ya sa ya kamata a fara juyawa tun ruwan farko na Mayu ko Yuni, ba sai an ga gawa a Agusta ba, kuma a sa ido sosai a kan masu jego da 'ya'yansu.

Filina a fadama yake, kusa da ruwan Dadin Kowa. Lissafin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Inda ƙasa ke da laima shekara duka, kamar bakin kogin Gongola, filayen noman rani na Dadin Kowa da Balanga, ko gefen dam ɗin Gubi a Bauchi, rani ba ya share muku fili. Ku juyawar ba ta da hutu, har da rani.

Sannan akwai tsutsar hanta, wadda hanyarta daban ce. Sai ta bi ta cikin ƙaramin dodon koɗi na ruwa, ta fito ta manne a ciyawar bakin ruwa cikin ƙwanso, inda za ta iya jira watanni in akwai laima. Hutun mako biyar ba ya yi mata komai, kuma tana kama shanu da tumaki duka, don haka dabarar sa shanu ba ta aiki a kanta. Ita maganinta a killace wurin da ruwa ke kwanciya, a ɗebo ruwan sha a zuba a kwatarniya. Alamominta sun yi kama da na Hemonkus, farin ido da kumburin haɓa, kuma aibamektin shi kaɗai ba ya kashe ta. In ka ba da magani ido bai dawo ja ba, ko mahauci ya nuna maka hanta mai tauri da fararen jijiyoyi, ka faɗa wa likita cewa a fadama kake kiwo.

Ina bin kwanakin daidai, amma har yanzu ina ganin farin ido. Ina matsalar take?

Fara duba wuraren da dabbobi ke komawa kullum. Ciyawar da ke kewaye da garken kwana, bakin kwatarniyar ruwa da ke yoyo, gindin itacen da suke shan inuwa, da hanyar tsakiya. Waɗannan ba sa hutu, kashi ya fi yawa a nan, kuma dabba na tsinkar ciyawarsu safe da yamma. A kankare su da fartanya su zama ƙasa tsirara, a riƙa matsar da kwatarniya tare da garken.

Sai taki. Kashin da aka share daga garke kada a watsa shi ɗanye a filin kiwo. A tara shi ya yi zafi ya ruɓe, ko a kai gonar hatsi.

Sai baƙin dabbobi. Ragon da aka sayo daga kasuwa na iya zuwa da tsutsar da ta riga ta jure magani. A tsare shi daban a busasshen wuri, a ba shi magani bisa shawarar likita, kada ya taka filin sai ya yi kwana biyu ko uku bayan maganin, kashinsa kuma a kwashe. Haka dabbobin maƙwabta da ke tsallako shinge: yankin da awakin wani suka yini a ciki, a sake ƙirga hutunsa daga ranar.

Akwai kuma fashin ruwa. In an yi kwanaki ba ruwa, 'ya'yan tsutsa na maƙalewa cikin busasshen kashi, ba su fito ba balle su mutu, sai ruwa ya sauka su fito gaba ɗaya. Bayan irin wannan, ƙara wa yankunan mako ɗaya.

In duk waɗannan daidai suke, koma kan sikeli da sandunanka huɗu. Sau da yawa amsar ita ce dabbobin sun fi ƙarfin filin, suna cin ciyawa har gindi tun rana ta biyu. A nan sai dai a rage garken, ko a ƙara fili, ko a tsare wasu a gida a ciyar da su har ruwa ya ɗauke.